Mai Cin Memori Daban, Baƙon da Ake Zargi Daban: Yadda Ake Karanta Hoton Task Manager

Idan kwamfuta mai Windows ta fara nauyi, fanka na huci, kowace manhaja sai ta yi jinkiri kafin ta buɗe, abin da mai gyara yakan fara nema daga nesa shi ne hoton Task Manager. Ana danna Ctrl+Shift+Esc, a ɗauki hoton allon, a tura masa. Shi kuma yakan kai ido kan layin da ya fi kowane girman lamba, ya ce ga mai laifin nan, wataƙila ma bairos ne, a kashe shi. A nan kuskuren yake. Hoton guda yana ɗauke da tambayoyi biyu waɗanda ba hanya ɗaya ake bi a amsa su ba. Ta farko, wa ke cin memori? Wannan lissafi ne, lambobi ke amsa ta. Ta biyu, akwai baƙon da bai kamata a same shi a nan ba? Wannan kuwa tambayar asali ce, kuma girman lamba ba ya amsa ta ko kaɗan. Abin da ke amsa ta shi ne inda fayil ɗin yake zaune, da sunan wa yake gudana, da umarnin da aka tashe shi da shi. Galibi mai cin memori sananne ne, ɗan gida, burauzar da mai kwamfutar ya buɗe da hannunsa. Baƙon kuma yakan lafe can ƙasan jerin da 'yar ƙaramar lamba, inda ido ba ya kaiwa.

Kafin a karanta ko layi ɗaya, sai a duba ko hoton kansa ya cancanci a yi hukunci da shi. A shafin Processes, kowane ginshiƙi yana da kai, kuma a saman kan akwai kaso cikin ɗari na jimillar abin da ake amfani da shi. Wannan kason na Memory shi ne abu na farko, domin idan 45% ya nuna, memori ba shi ne matsalar ba, sai ido ya koma kan CPU ko Disk. Na biyu shi ne 'yar kibiyar da ke nuna da wane ginshiƙi aka jera layukan. Idan da Name aka jera, za a ga an kasa su uku, Apps da Background processes da Windows processes, kuma layin da ke sama ba shi ne mafi nauyi ba, harafinsa ne kawai ya riga na saura. Sai an danna kan Memory, manyan lambobi suka hau sama, sannan hoton yake amsa tambayar farko. Da zarar an yi haka kuwa rabon nan uku yakan ɓace, layuka su cakuɗe. Saboda haka hoto ɗaya ba ya wadatar da tambayoyin biyu, sai dai in an danna dama a kan ginshiƙan an ƙara Type, wanda ke rubuta rukunin kowane layi a gefensa.

A ɗauka ga hoton wata laftof mai memori 8 GB, an jera shi daidai, kan Memory na nuna 87%. Layin farko Google Chrome (23) da 2,140 MB. Sai WhatsApp da 420 MB, Antimalware Service Executable da 310 MB, Microsoft Word da 180 MB, Windows Explorer da 120 MB, Desktop Window Manager da 95 MB. Daga nan sai lambobi su yi ta raguwa, layukan Service Host barkatai masu 5 MB da 12 MB, kuma kafin a kai gare su akwai wani layi mai suna Host Process for Windows Services da 38 MB. A ajiye wannan na ƙarshe a rai, za a dawo kansa. Yanzu a yi lissafi. Manyan layuka shida sun haɗa 3,265 MB, wato kusan 3.2 GB. Ƙananan duka, ko an yi musu karamci, ba su wuce 1 GB da ɗoriya ba. Jimilla ke nan kusan 4.3 GB. To amma Windows kan keɓe wani ɗan kaso na 8 GB ɗin don kayan cikin na'ura, a ce saura 7.8 GB, kuma 87% na wannan ya kai 6.8 GB. Akwai giɓin kusan 2.5 GB da babu layin da ya ɗauki alhakinsa.

Wannan giɓin shi ke sa mutane da yawa su rantse akwai ɓoyayyen bairos, alhali bayaninsa mai sauƙi ne. Lambar da ke ginshiƙin Memory ba ita ce duk abin da manhaja take amfani da shi ba. Tana ƙirga abin da manhajar ta riƙe ita kaɗai, wanda kuma yake zaune a cikin memori a wannan daƙiƙar. Ba ta ƙirga fayilolin da manhajoji da dama ke tarayya a kansu, ba ta ƙirga abin da zuciyar Windows da direbobi suka riƙe, ba ta kuma ƙirga abin da aka kwashe aka kai faifai don a sami sarari. Tun daga Windows 10, wanda ya fito a 2015, akwai ƙarin abu guda: idan wuri ya ƙure, Windows kan matse wani ɓangare na bayanan ta ajiye shi a matse cikin memori maimakon ta kai shi faifai, kuma wannan ma'ajiyar ba ta da layinta a shafin Processes. Don haka jimillar layuka ba za ta taɓa cika kason da ke sama ba, ko a kwamfutar da aka sayo jiya. Abin tambaya kawai shi ne ko giɓin ya wuce hankali, kuma amsar tana hoto na biyu, na shafin Performance, ɓangaren Memory.

A misalin namu, a ce shafin ya nuna In use (Compressed) 6.8 GB (900 MB), Available 1.0 GB, Committed 11.2/13.5 GB, Paged pool 480 MB, Non-paged pool 310 MB. Matsattsen bayani 900 MB da ma'ajiyoyin nan biyu na zuciyar Windows, kusan 800 MB, sun cike 1.7 GB daga giɓin, sauran kuma fayilolin tarayya ne da makamantansu. Babu abin mamaki. Da a ce Non-paged pool ne ya nuna 2 GB ko fiye a laftof irin wannan, da labari ya canza, domin wannan wurin direbobi ke ci, kuma kumburinsa alamar wani direba ne yana karɓar memori ba ya mayarwa. Irin wannan ba a ganinsa a jerin manhajoji, ba a kuma magance shi da End task, sai dai sabunta direban ko cire shi. Lambar da ta fi kowace faɗin gaskiya a shafin ita ce Committed. Ta hagu ita ce jimillar alkawarin memori da Windows ta yi wa manhajoji, ta dama kuma iyakar abin da za ta iya alkawartawa, wato memori haɗe da fayil ɗin ajiya da ke kan faifai. Alkawarin 11.2 GB a kan memori 7.8 GB yana iya nufin ana ta kai-kawo tsakanin memori da faifai, kuma idan tsohon faifai ne mai juyawa, wannan kai-kawon shi ne nauyin da mai kwamfutar yake ji. In ta hagu ta kusa taɓa ta dama, manhajoji kan fara rufewa da kansu.

Hukuncin tambayar farko ke nan: Chrome ne mai cin memori, kuma ba laifi ya yi ba. Wani zai ce, to lambar nan 23 da ke gaban sunansa fa, ni shafi takwas kawai na buɗe, ina sauran suka fito? Chrome da Edge suna raba aikinsu ne da gangan, shafuka da ƙarin kayan da aka ɗora wa burauza da aikin zane da na sadarwa kowanne a ɗakinsa, domin in ɗaya ya faɗi kada ya ja saura. Task Manager yana tattara su ƙarƙashin suna guda ya haɗa lambobinsu. Wanda ke son sanin wane shafi ne ainihin mai haɗamar sai ya danna Shift+Esc a cikin burauzar, inda za ta nuna nata jerin da sunan kowane shafi. Sau da yawa za a tarar shafi ɗaya ne, na bidiyo ko na dandalin sada zumunta da aka bari buɗe tun safe, ya kwashe kashi ɗaya bisa uku. Maganin a rufe shi, a rage kayan ƙari, ko a yarda cewa aikin ya fi ƙarfin 8 GB a ƙara memori idan laftof ɗin tana karɓa. Akwai kuma masu ganin duk kaso mai yawa ciwo ne. Ba haka ba ne. Windows kan cika wurin da babu kowa da bayanan da take tsammanin za a nema, abin da ke ƙarƙashin Cached, kuma tana sakin mafi yawansa nan take idan an buƙata. Kashi 70% tare da Available mai yalwa lafiya ce lau.

Akwai abu ɗaya game da memori da hoto guda ba zai taɓa nunawa ba, shi ne yoyo. Manhaja mai yoyo tana karɓa ba ta mayarwa, lambarta na hawa a hankali ko ba a taɓa ta ba. Hoto daƙiƙa ɗaya ce aka daskarar, don haka 600 MB a cikinsa zai iya zama daidai, zai kuma iya zama rabin hanyar zuwa 3 GB. Sai an ɗauki hoto biyu, tsakaninsu kamar rabin awa, ba tare da an buɗe sabon aiki ba. Ginshiƙin da ya fi dacewa a kwatanta shi ne Commit size a shafin Details, wanda ake ƙarawa ta Select columns, domin lambar Memory takan ragu idan Windows ta kwashe kayan manhajar zuwa faifai, alhali alkawarin na nan yana ƙaruwa. A kuma leƙa Up time a ɓangaren CPU na shafin Performance. Mutum zai ce kullum yana kashe kwamfutarsa da dare, amma a ga kwana goma sha biyu a rubuce. Ba ƙarya ya yi ba. Tsarin Fast Startup ne ke sa Shut down ya ajiye zuciyar Windows da direbobi yadda suke ya dawo da su da safe, har da yoyonsu. Restart ne ke wanke komai.

Yanzu sai tambaya ta biyu, kuma farkon abin da za a jefar shi ne tunanin cewa sunan da ban sani ba abin zargi ne. Windows cike take da sunaye masu ban tsoro ga wanda bai saba ba. Antimalware Service Executable mai gadin gidan ne da kansa, Microsoft Defender, fayil ɗinsa `MsMpEng.exe`. COM Surrogate, Runtime Broker, Console Window Host, Client Server Runtime Process, duk 'yan gida ne. Windows Modules Installer Worker kan tashi da ƙarfi lokacin sabuntawa ya lafa. System Idle Process, mai lamba 0 a shafin Details, in ya nuna 95 a CPU yana faɗin yawan hutun da furosesa ke yi ne, ba ci ba. Yawan Service Host ma ba hujja ba ne: tun daga fitowar Windows 10 ta 1703 a shekarar 2017, a kwamfutar da memorinta ya wuce 3.5 GB, kusan kowace hidima tana samun `svchost.exe` nata, shi ya sa ake ganinsu gommai. Mai rubuta muguwar manhaja ya san duk wannan sarai. Ba zai raɗa wa kayansa suna mai jan ido ba, zai ari sunan da ya fi kowane yawa a jerin ya shige cikin taro. Suna da bayanin da ke bayyana a allon shi ya rubuta su a jikin fayil ɗin, har da abin da ke fitowa a ginshiƙin Publisher. Ganin Microsoft Corporation a wurin faɗar bakin fayil ɗin ce kawai, ba sa hannun kamfanin ba.

A koma kan layin nan mai 38 MB. Abin da ya fara bambanta shi shi ne yadda aka rubuta shi. `svchost.exe` na gaskiya yakan fito a shafin Processes da sunan Service Host, sai digo biyu, sai sunan hidimar da yake ɗauke da ita, a rukunin Windows processes. Wannan kuwa Host Process for Windows Services kawai ya ce, babu hidima a bayansa, kuma Type ya sa shi cikin Background process. Wannan bai isa hukunci ba, amma ya isa a tsayar da shi a yi masa tambayoyin da mai unguwa kan yi wa baƙo: gidan wa ka sauka, wa ya kawo ka, me ka zo yi. Ana danna dama a kansa a zaɓi Go to details, a ƙara ginshiƙan Image path name da Command line, User name kuma yana nan tun asali. Na gaskiya gidansa `C:\Windows\System32`, wani lokaci `C:\Windows\SysWOW64`, umarninsa na ɗauke da `-k` da sunan rukunin hidima, kamar `-k netsvcs`. A ce namu ya nuna PID 7412, hanyarsa `C:\Users\...\AppData\Roaming\svchost.exe`, umarninsa babu `-k`, yana kuma gudana da sunan mai kwamfutar. Wannan na ƙarshen shi kaɗai ba ya kama shi, domin ko da yake yawancin na gaskiya suna ƙarƙashin SYSTEM ko LOCAL SERVICE ko NETWORK SERVICE, akwai 'yan kaɗan da ke gudana da sunan mai amfani. Hanyar ce ta yanke magana. Kama da wane ba wane ba ce, kuma Windows ba ta ajiye `svchost.exe` a foldar mai amfani.

Ana iya tabbatarwa da umarni biyu a Command Prompt, ɗaya ya nuna hidimar da layin ke ɗauke da ita, ɗaya ya nuna ko yana magana da waje:

```
tasklist /svc /fi "PID eq 7412"
netstat -ano | findstr 7412
```

Idan na farko ya amsa da N/A a wurin hidima, na biyu kuma ya nuna ESTABLISHED da wani adireshi na nesa, zargi ya zama hujja mai ƙarfi. Wannan ma'aunin yana aiki ga sauran sunayen da ake yawan aro. `explorer.exe` gidansa `C:\Windows` kai tsaye. `lsass.exe`, mai kula da shiga da kalmomin sirri, guda ɗaya tak ake samu, a System32, ƙarƙashin SYSTEM. Ganin biyu ko uku babban al'amari ne, kuma yana cikin alamomin da aka gani a kwamfutocin da Stuxnet, wanda aka gano a 2010, ya kama. `csrss.exe` kuwa biyu ko fiye daidai ne, domin kowane zama yana da nasa. Sai wasan haruffa, `scvhost.exe` ko `svch0st.exe`, ko `Isass.exe` da babban harafin I a madadin ƙaramin l, waɗanda a allo kusan ba a raba su. A nan ne hoton da aka ɗauka da waya, aka kuma tura ta WhatsApp ya matse shi, yake cin amanar mai karatu, domin daidai harafin da ake buƙata shi ke narkewa. Gara Win+Shift+S, a tura hoton a matsayin fayil.

Za a iya ƙalubalantar wannan ma'aunin da cewa ai manhajojin kirki da yawa ma a AppData suke zaune. Gaskiya ne. Zoom da Telegram Desktop kan sauka a `AppData\Roaming`, OneDrive sau da yawa a `AppData\Local`, shi kansa `MsMpEng.exe` daga `C:\ProgramData\Microsoft\Windows Defender\Platform` yake gudana, foldar da miyagun manhajoji ma ke sha'awa. Wanda ya ɗauki AppData ko ProgramData a matsayin tambarin laifi zai kori rabin 'yan gida. Ƙa'idar ta fi haka ƙunci: ana duba ko suna ya dace da adireshi. Zoom a foldar Zoom magana ce ta zauna. Sunan Windows a wajen gidan Windows, ko suna mai tarkacen haruffa irin `xkqtrw.exe` zaune a `Temp`, wannan ne ba ya zama. Haka kuma gurbin da babu komai a Image path name ko Command line ba laifi ba ne shi kaɗai, domin Task Manager da aka buɗe ba da ikon mai gudanarwa ba ba ya iya karanta na wasu, kuma akwai ayyukan Windows masu kariya da ba sa bayyana nasu duka.

Ƙalubale na biyu ya fi nauyi: idan fayil ɗin na gaskiya ne, a gidansa na gaskiya, amma aikin da aka sa shi na mugunta ne fa? Wannan yana faruwa kullum, kuma shi ne dalilin da Command line ya zama dole ba ado ba. Duk wanda ya taɓa kai filashi shagon buga takardu ya dawo ya tarar foldodinsa sun koma gajerun hanyoyi ya gamu da irin wannan. Da yawa daga tsutsotsin filashi ba su da fayil mai gudana na kansu. Rubutaccen umarni ne, wanda `wscript.exe`, halastaccen ɗan Windows da ke System32, yake karantawa ya aiwatar. A shafin Processes zai fito da sunan Microsoft Windows Based Script Host, hanyarsa daidai, memorinsa 'yan megabait. Sai an karanta umarninsa za a ga yana riƙe da wani fayil mai ƙarewa da `.vbs` ko `.js` daga `Temp` ko `AppData`. Haka `powershell.exe` da ke gudana babu taga, umarninsa na ɗauke da `-WindowStyle Hidden` ko `-enc` da dogon zaren haruffa marasa ma'ana. Masu kula da kwamfutocin ofis kan yi amfani da irin wannan a halal, amma a laftof ta gida da babu mai kula da ita, ruwa ba ya tsami banza.

Dole kuma a yarda cewa wani lokaci mai cin da baƙon sukan zama abu ɗaya. Manhajar haƙar kuɗin intanet da ake cusawa cikin fasassun manhajoji ita ce babban misali. Tsarin haƙar Monero, a yanayinsa mai sauri, yana buƙatar memori sama da 2 GB kaɗan, yana kuma cin furosesa ba ƙaƙƙautawa. Amma ko a nan ba girman lambar ba ne ke tona ta, domin Chrome ma ya kai haka. Abin da ke tona ta shi ne lambar tana gaban sunan da bai da dalilin kai wa haka, kamar `notepad.exe` ko `conhost.exe` riƙe da furosesa alhali babu abin da aka buɗe, ko umarni mai ɗauke da adireshin waje da doguwar lambar asusu. Wasu daga cikinsu ma sukan lura an buɗe Task Manager su yi tsit, su ci gaba idan an rufe. Hoton sai ya fito fes, CPU 6%, alhali mai kwamfutar na cewa fanka ba ta yin shiru sai ya buɗe wannan tagar. Wannan maganar tasa shaida ce da ta fi hoton. Akwai kuma masu shiga cikin jikin halastaccen aiki su ɓuya, babu layin kansu sam. Saboda haka hoton yana iya kama baƙo, amma ba ya iya wanke kwamfuta. Masu cewa tunda haka ne a bar wa antibairos komai suna da rabin gaskiya. Antibairos ya fi ido sanin fayiloli, amma ba zai gaya maka shafin burauza ne ya cinye memori ba, kuma a kwamfutar da aka kashe shi don a shigar da fasasshiyar manhaja, ido ne kaɗai ya rage.

In an kama baƙon, End task ba shi ne matakin farko ba. Kashe shi kafin a san gidansa zubar da shaida ne, kuma zai dawo da an sake kunna kwamfutar, domin akwai abin da ke tashinsa. In kuma an yi kuskuren ganewa, garin neman gira a rasa ido: kashe `csrss.exe` na gaskiya yana jefa Windows cikin shuɗin allo, kashe `lsass.exe` kuma yana tilasta mata sake tashi, aikin da ba a adana ba ya tafi. A fara da Open file location, a rubuta hanyar. Sannan a ɗauki zanen yatsan fayil ɗin a PowerShell:

```
Get-FileHash "$env:APPDATA\svchost.exe" -Algorithm SHA256
```

Doguwar lambar da ta fito ita ake nema a VirusTotal, wanda ke nuna ra'ayin antibairos gommai a kan fayil ɗin in an taɓa kai shi can. Rashin samunsa ba wankewa ba ne, sabo ne kawai. Daga nan a cire kwamfutar daga intanet, a nemi abin da ke tashinsa. Shafin Startup na Task Manager yana nuna kaɗan ne, da yawa suna fakewa a Task Scheduler. Autoruns, ɗaya daga kayan Sysinternals da Microsoft ta saya a 2006, yana tattara duk waɗannan wuraren a jeri guda, ɗan'uwansa Process Explorer kuma yana nuna abin da Task Manager ba ya nunawa a sarari, wato wane aiki ne ya haifi wane. `svchost.exe` na gaskiya `services.exe` ne ke haifarsa, ba `explorer.exe` ba. Bayan haka a gudanar da binciken Microsoft Defender na kafin Windows ta tashi, wanda ke ƙarƙashin Scan options a Windows Security. Kalmomin sirrin imel da na banki kuma a canza su daga wata na'ura dabam, domin fayil mai 38 MB da ke magana da waje ya fi kama da ɓarawon kalmomin sirri fiye da mai haƙar kuɗi.

Wanda aka turo wa hoto ɗaya na shafin Processes aka ce ya yanke hukunci, abin da ya dace ya yi shi ne ya nemi ƙarin biyu: na Performance a kan Memory, da na Details mai ginshiƙan User name, Commit size, Image path name da Command line, an faɗaɗa su har ƙarshen hanyar ya fito. Kai kuma mai turawa, duba hoton kafin ya bar hannunka, domin hanyoyin fayil suna ɗauke da sunanka da sunayen takardunka, Command line kuma wani lokaci yakan fito da kalmar sirri a fili. Ka rufe waɗannan, ka bar sunan folda da na fayil yadda suke.